Gurnanin da ya kwashe wata biyar a ƙarƙashin wata kanta

Motar da aikinta

Motar Mitsubishi Canter ce mai taya shida, irin wadda kowa ke kira kanta, mallakar wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Aikinta ɗaukar buhuna daga Kano zuwa Katsina ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, tafiyar kamar kilomita 170, sau uku ko huɗu a mako. Takan tafi da buhu 40 masu kilo ɗari-ɗari, ta dawo wani lokaci da ɗan kaya, yawanci kuma babu komai. Direbanta saurayi ne ɗan shekara 27, yana da yaron mota guda. Ni nake riƙe wa Alhaji mai motar littafin kuɗinta, daga ciki na ɗauko kwanaki da kuɗaɗen da ke wannan rubutu.

A irin wannan mota inji na gaba, tayoyin da ke tura ta suna baya. Abin da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksul ɗin baya shi ne farfela, dogon bututun ƙarfe mai juyawa a ƙarƙashin bodi. A wannan motar gida biyu ce. A tsakiya akwai boris cikin roba da ke rataye ta a jikin shasi, a mahaɗanta kuma akwai kuros, ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke ba ta damar juyawa a karkace. Gidan baya yana da wurin zamewa mai haƙora, yana shiga yana fita, domin aksul na hawa da sauka a kan sifirin.

Janairu zuwa Maris 2019: gyara biyu da ba wanda ya ƙara tunawa da su

Ranar 14 ga Janairu aka canja kuloci, domin ya fara sulɓi idan ta ɗauki hawa da lodi. Aikin yini guda ne, aka sauke farfela da giya, aka mayar. Direba ya karɓi mota da yamma ya ce lafiya lau. Daga baya ya tuna cewa a makonnin nan yakan ɗan ji ƙaiƙayi a tafin ƙafa idan ya kai gudun 60, amma kantar da ta yi shekaru a hanya ba a rasa ta da 'yan ƙananan koke-koke, bai ɗauke shi komai ba.

Ranar 9 ga Maris aka ƙara mata ganyen sifirin biyu a kowane gefe na baya, saboda buhu 40 na danne ta har taya na neman taɓa bodi. Bayanta ya ɗaga da kamar santimita biyar. A cikin wannan makon ne gurnanin ya bayyana sosai. Yakan fara a gudun 50, ya yi ƙarfi tsakanin 55 da 65, ya ɗan lafa bayan 70. Madubin gefe ya riƙa dishewa har ba ka iya bambanta mota da babur a cikinsa. Direba ya ce in ya sauka a Katsina ƙafafunsa sai sun yi minti goma suna zuga.

Afrilu zuwa Agusta: farauta

An fara da taya, kamar yadda kowa zai fara. Ranar 3 ga Afrilu aka sayi sabbin tayoyin gaba biyu a kan naira 70,000, aka yi musu balansin. Babu abin da ya canja. Aka buɗe boris ɗin ƙafafun gaba aka wanke aka sa giris, shi ma haka.

Cikin azumi, ranar 20 ga Mayu, wata sabuwar ƙara ta shigo, ƙwas-ƙwas idan an tashi ko an saki totur. Bakanike ya shiga ƙasa ya girgiza farfela, ya tarar kuros ɗin baya ya yi lako-lako, 'yan alluran cikinsa sun niƙe sun zama jan gari. Kowa ya yi hamdala, an kama ɓarawo. Wannan bakanike mutum ne mai tsanaki, kafin ya raba farfelar sai da ya buga mata alama da fonci a gefe biyu, don ya mayar da ita daidai yadda ya same ta. Aka sa sabon kuros na naira 12,000. Ƙwas-ƙwas ya tafi, gurnani ya zauna.

Bayan ƙaramar salla robar boris ɗin tsakiya ta yage, aka canja a kan naira 15,000. Kwana biyu direba na cewa kamar da sauƙi, a na uku ya janye maganarsa.

A Yuli sai aka ga mai na tsattsafowa daga bakin aksul, inda farfela ke ɗaure, notocin wurin guda biyu kuma sun saki. Wani gareji na daban ya yanke hukunci cewa haƙoran aksul ne suka cinye. Alhaji ya yi ta jan ƙafa mako guda, daga ƙarshe ya biya naira 170,000 aka kawo na gwanjo aka ɗora. Motar ta kwana shida a gareji. Da aka fito da ita, tun kafin a bar Dawanau da kilomita biyar, madubi ya dishe kamar jiya.

Ranar 5 ga Agusta sabon kuros ɗin nan na watan Mayu ya mutu, bai cika wata uku ba. Aka ce jabu ne, aka sake sayen wani, aka sake bin alamar fonci wajen mayarwa. Zuwa lokacin abin da aka kashe, har da kuɗin aiki da mai da giris, ya haura naira 300,000, motar ta rasa kwana 19 na aiki. Shawarar da ta rage a kan tebur ita ce a sauke giya. Direban kuma ya fara jin maganganu a gefe, wai shi ne ba ya iya riƙon mota.

17 ga Agusta: Baba ya hau mota

Akwai wani tsoho da ke zama a rumfar mai shayi kusa da shagonmu, ɗan shekara 68. Ya yi sama da shekara talatin yana jan roka, wato Marsandi 911, tsakanin Kano da Legas, ya ajiye tuƙi da idonsa ya fara rauni. Direban ne ya je ya durƙusa ya gaishe shi ya ce, "Baba, don Allah ka zo ka ji mini motar nan, ana nema a ɗora mini laifi."

Baba ya ce a bar ta babu kaya, a fito da sassafe kafin hanya ta cika. Na bi su. Da ya shiga gidan gaba ya cire takalmansa ya ajiye tafin ƙafa a kan ƙarfen ƙasa, ya sa aka kashe rediyo, ya kuma roƙe mu kada kowa ya gaya masa abin da aka riga aka canja. Ya ce in ya sani kunnensa zai fara bin bakin mutane.

Gwajin farko a tsaye aka yi shi. Giya a firi, ya ce a taka totur a hankali har sama, a sake shi a hankali. Inji ya yi kukansa na gas, madubi bai dishe ba. Baba ya ce, "To, inji da salansa su ɗan koma gefe, ba mu sallame su ba tukuna."

Muka kama hanyar Bichi. Da maleji ya kai 55 a giya ta huɗu gurnani ya cika gidan. Ya ce, "Riƙe ta a nan, ɗana. Yanzu sa ta biyar, kada gudun ya canja." Kukan inji ya sauka, gurnanin bai motsa ba, muryarsa ɗaya. Suka maimaita sau uku. Dalilin gwajin shi ne, a gudu ɗaya inji na juyawa da sauri a ta huɗu, a hankali a ta biyar. Duk abin da ke bin juyin inji dole muryarsa ta sauya idan an sauya giya. Wanda bai sauya ba yana bin gudun mota ne, wato yana daga wutsiyar giya zuwa baya, ko a ƙafafu. Nan aka sallami inji da kuloci da yawancin cikin giyar da ake shirin saukewa.

Sai ya ɗora yatsu biyu a kan sitiyari ya yi shiru kamar mai jin bugun jini. Ya tambayi direba, "Kana iya ƙirga shi?" Direba ya ce a'a, a haɗe yake kamar ƙudan zuma. Baba ya ce ciwon taya ana ƙirga shi, yana zuwa ɗaf-ɗaf-ɗaf, sitiyari na rawa a ido. Da na dawo gida na yi lissafin abin da kunnensa ya gaya masa. Tayar wannan mota kewayenta kamar mita biyu da rabi ne. A gudun 60 mota na cin mita dubu a minti, taya na juyi 400 ke nan, kusan bakwai a daƙiƙa. Wannan jiki na iya rarrabe shi. Farfela kuwa tana juyi kusan shida kafin taya ta yi ɗaya, wato wajen 40 a daƙiƙa, abin da ya wuce ƙirga ya koma sauti. Tayoyin naira 70,000 ba su taɓa shiga cikin maganar ba.

A wani miƙaƙƙen wuri da babu kowa ya sa direba ya ɗan karkata hagu, ya dawo dama, a hankali. Boris ɗin ƙafa idan ya lalace kukansa na ƙaruwa in nauyi ya koma kansa, ya ragu in nauyi ya bar shi. Wannan bai kula da karkata ba. Da muka tsaya Baba ya zagaya ya dafa tsakiyar kowace ƙafa da bayan hannu, ɗuminsu ɗaya.

Gwaji na gaba ya fi ɗaukar lokaci. A gudun 60, taka totur, saki, taka, saki. In an taka gurnanin ya kumbura, in an saki ya faɗa. Da aka jefa ta firi na 'yan daƙiƙu ya ragu ƙwarai amma bai mutu ba. Baba ya ce haƙoran aksul ma suna amsa totur haka, sai dai muryarsu siririya ce, kuka suke kamar iska a ƙofar langa-langa, wannan kuwa daga ƙirji yake fitowa. Ya ƙara da cewa farfelar da ta lanƙwashe, ko wadda ɗan ƙarfen balansinta ya faɗi, ba ruwanta da totur. Nauyi ne ya fi yawa a gefe guda, ko ka taka ko ka saki zai yi ta wujijjiga ta muddin tana juyawa. Haka ma gangar birkin hannu, wadda a irin wannan kanta take a wutsiyar giya tana juyi tare da farfela.

A Bichi muka tsaya shan ruwa. Baba ya kira yaron mota, wanda a wata biyar ɗin nan ba wanda ya tambaye shi komai, ya ce, "Kai da kake kwana a baya, yaushe ta fi damunka, da tafiya ko da dawowa?"

Yaron ya ce, "Da dawowa, Baba. In akwai buhu a kai tana yin shiru-shiru. In babu kaya haƙorana har kaɗawa suke."

Direba ya yi tsam, ya ce gaskiya ne, shi ya ɗauka buhunan ne ke shanye ƙarar. Duk gwajin da aka yi a garejoji kuwa ba wanda ya taɓa kwatanta mota da kaya da mota babu kaya.

Baba ya ce, "Kaya na sauke bodi, farfela ta miƙe. Babu kaya bodi ya tashi, farfela ta karkace. Abin nan yana gudu da farfela, yana son totur, yana son karkata. A nemo mini duwatsu."

Ƙarƙashin mota

Sai da aka danne tayoyi gaba da baya da manyan duwatsu kafin ya yarda kowa ya shiga. Ya ce a kanta irin wannan birkin hannu farfela yake riƙewa, ranar da ka kwance ta motar ba ta da birkin tsayuwa, ya san wanda ya rasa ƙafa a haka.

Ya shimfiɗa buhu ya kwanta. Ya girgiza kuros ɗin, sabo ne, babu wasa. Ya dubi bututun, babu lotsawa, 'yan ƙarafan balansi suna nan. Daga nan ya matsa can bayan aksul ya kanne ido ɗaya yana hango tsawon farfelar kamar mai duba miƙewar sanda. Idon bai ba shi yadda yake so ba, sai ya kira yaron mota ya ce, "Kunnuwan nan biyu da ke riƙe da kuros a wannan bakin, da na wancan bakin, layi ɗaya suke?" Yaron ya ce a'a, na gaba a kwance suke, na baya sun ɗan tashi a karkace. Baba ya sa aka ɗora guntun rodi a kan kunnuwan kowane baki. Maimakon rodunan biyu su kwanta a jere, sai suka yi almakashi.

Ya ce a kawo tsumma da fetur a goge wurin zamewa. Ƙarƙashin busasshen giris da jar ƙasa alamar fonci ta fara fitowa, ɗigo biyu suna kallon juna daram. Ya ce a ci gaba da gogewa. Can sai ga 'yar kibiya da kamfani ya buga a jikin bututu, sai ga 'yar'uwarta a ɗaya gefen, sun saɓa da haƙori biyu. Haƙoran wurin 16 ne, kowane ɗaya digiri 22 da rabi, biyu sun ba da 45.

Abin da ke faruwa shi ne, kuros idan yana aiki a karkace ba ya miƙa juyi sumul. A kowane juyi guda, gefen da ake turawa yakan yi sauri sau biyu, ya yi nawa sau biyu. Shi ya sa ake sa su biyu-biyu, kunnuwan baki biyun a layi ɗaya, domin inda na farko ya ƙara sauri na biyu ya rage, aksul ya karɓi juyi mai santsi. In aka saɓa layin, gyaran na biyu ba ya faɗawa a kan kuskuren na farko. Mafi muni shi ne saɓanin digiri 90, inda fizgar biyu ke haɗuwa. Digiri 45 na ba da kusan kashi bakwai cikin goma na wannan. A gudun 60 fizga ce wajen 80 a daƙiƙa, tana dukan alluran kuros, tana yaga roba, tana kwance noti, tana cin sil ɗin da ke tare mai a bakin aksul.

Girman fizgar kuma ya danganta da karkata, kuma ba a hankali yake hawa ba. A digiri 5 saurin na hawa da sauka da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a digiri 10 ya kai ɗaya da rabi. Ninka karkata sau biyu, fizga ta ninka sau huɗu. Gidan baya na farfelar nan kamar mita guda ne, ɗagawar santimita biyar ta ƙara masa wajen digiri uku.

Aka kwance notoci huɗu na bakin aksul, aka sassauta murfin ƙura, aka zare farfelar, aka juya ta haƙori biyu kibiya ta kalli kibiya, aka sa giris aka ɗaure. Minti 40. Baba ya ja kunnen yaron cewa kibiyar kamfani ake bi, domin akwai motocin da tun daga can aka saɓa kunnuwansu da gangan, in ka miƙe su ka ɓata.

Bayan gyara

A hanyar komawa Dawanau, babu kaya, a gudun 60 ana karanta lambar motar da ke bayanmu a madubi. Wani ɗan siririn motsi ya rage wajen 70. Washegari aka duba robar boris ɗin tsakiya, ta watan Yuni, aka tarar ta riga ta tsage, aka canja. Motsin ya ƙara raguwa amma bai ƙare ƙaf ba in motar babu kaya. Baba ya ba da shawarar a cire ganye ɗaya cikin biyun da aka ƙara, a rage lodi zuwa buhu 35. Alhaji ya ce zai duba, bai cire ba.

Bayan gyaran 18 ga Agusta 2019 har zuwa ƙarshen Fabrairun 2020 littafina bai nuna kuros ko boris ko sil ba. Ba a sauke giya ba. Direban yana nan a kan motarsa.

Inda aka yi ta kuskurewa

Da muka bi littafi baya, rana ɗaya ce aka taɓa raba farfelar ba tare da alama ba, 14 ga Janairu. Mafi kusa da gaskiya shi ne gidan baya ya zame ya fita lokacin da aka sauke ta, wani yaron gareji ya mayar yadda ta shiga. Laifin ya kwanta wata biyu domin karkatar kaɗan ce, ƙarin sifirin ya tashe shi. Wannan tazara ce ta sa ba wanda ya haɗa gurnanin da aikin kuloci. Sifirin kuwa ba ya juyawa, don haka ba wanda ya zarge shi da ƙara.

A ganina bakaniken da ya buga fonci bai yi ganganci ba, abin da ake koya wa kowa ya yi. Gurbin da ya bari ɗaya ne, ya ɗauka yadda ya samu farfelar haka ya kamata ta kasance, alamarsa kuma ta sa na bayansa suka daina dubawa. Garejin da ya ce aksul ne ya fi nauyin laifi, domin sun ga mai da sakakkun notoci suka tsaya a nan, ba su hau motar sun saurara ba, ba su kuma buɗe tsohon sun nuna haƙorin da ya cinye ba. Kuros da roba da sil duk da gaske sun lalace, shi ya sa kowane gyara ya yi kama da nasara na kwana biyu. Mutuwar kuros na biyu cikin wata uku ita ce babbar shaidar da aka samu, aka kashe ta da kalmar jabu.

Hanyar Baba ma tana da iyaka. Ta yi aiki ne domin ciwon na zuwa kullum a gudu sananne, ana iya kiransa a sake kiransa. Kuma ba kunne kaɗai ya kai shi ba, sai da ya ari bakin yaron mota da idonsa.

Tsohon aksul ɗin yana bayan shago an rufe shi da buhu. A watan Oktoba wani bakanike ya buɗe shi don Alhaji na son sayarwa, ya juya haƙoran ɗaya bayan ɗaya a gabanmu, ya ce sil kawai yake buƙata. An taya shi naira 90,000, Alhaji bai sallama ba.